Jarka Ba Ta Haifar da Ƙwaro

Wani manomi a Mai Wurno ya yi tambaya: "Na zuba wake mai tsabta a jarka, na rufe, amma bayan wata biyu na tarar da ƙwari. Ashe ba zafin rufewar ne ke haifar da su ba?"

Malam, ƙwaron tun daga gona ya biyo waken. Uwar takan yi ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ƙwayar ta zauna a ciki tana ci, shi ya sa ido ba ya ganin komai ranar zubawa. Amfanin rufewa shi ne ƙwarin su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su mutu kafin su hayayyafa, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an cika jarkar har wuya, an girgiza ta waken ya zauna, an ƙara, sannan an shimfiɗa leda a bakin kafin a ɗaure murfin tam. Jarkar da aka bari rabi, ko wadda uwargida ke buɗewa kullum ta ɗebi na girki, iska ce ake sabunta wa ƙwarin. Na cin yau da gobe a ware shi daban, babbar kuma kada a taɓa ta wata biyu.

Bushewa kuwa tilas ce, domin danshin da aka kulle yana kawo fumfuna. A ciji ƙwaya: idan ta fashe da ƙara ta bushe, idan haƙori ya nutse a mayar da shi shanya. Kuma a bar waken ya huce a inuwa kafin a zuba, don kada jarkar ta yi gumi daga ciki.