Mai gidan burodi, gishiri kake gadi ko fulawa?

Akwai wani abu da nake yawan gani a wurin masu gidajen burodi da yake damuna ƙwarai. Za ka tarar da mai gida yana faɗa da yaransa a kan ledar gishiri ko sandar sabulu, alhali ɗakin fulawa a buɗe yake, kowa ya shiga ya ɗauko buhu ba tare da an rubuta ba. A ganina wannan tsantseni an ajiye shi ne inda bai kamata ba, kuma lissafi mai sauƙi zai nuna haka.

Masana harkar ajiyar kaya suna kiran lissafin da tsarin ABC. Tushensa lurar da Vilfredo Pareto, masanin tattalin arziki ɗan Italiya, ya yi cewa mafi yawan dukiya a hannun mutane kaɗan take. Haka kayan sito suke: abubuwa biyu ko uku ne suke cinye yawancin kuɗinka. Yadda za ka gane su kuwa shi ne ka ɗauki kowane kaya, ka ninka yawan da kake amfani da shi da farashin da kake saye, sannan ka jera daga babba zuwa ƙarami.

A ce a wata kana murza fulawa buhu 200, kowane buhu naira 60,000. Miliyan 12 ke nan. Sukari buhu 30 a kan 80,000, miliyan 2.4. Bota da itace da ledar zuba burodi, a haɗe miliyan 2.8. Yis da gishiri da sabulu da sauran tarkace, gaba ɗaya 800,000. Jimla miliyan 18. To duba: fulawa da sukari kaɗai sun kwashe miliyan 14.4, wato kashi 80 cikin ɗari. Su ne rukunin A. Bota da itace da leda su ne B. Ragowar duk, komai yawan sunayensu a littafi, ba su kai kashi 5 ba, su ne C.

Yanzu a ce gishirinka na wata duka na naira 50,000 ne. Buhun fulawa ɗaya idan ya salwanta ya fi gishirin wata guda. Buhu huɗu cikin 200 ba wanda zai lura da ido, amma 240,000 ce ta tafi. Shi ya sa nake cewa fulawa da sukari su samu ɗaki mai makulli, makullin a hannun mutum ɗaya, a ƙirga safe da yamma. Idan mota ta kawo kaya a ɗora wasu buhunan a sikeli a ga ko sun cika kilo 50. Sannan ka san burodi nawa buhu ɗaya yake fitar maka. Ranar da ka ga an fitar da buhu bakwai amma burodin na buhu shida ne, ka san akwai magana, ko dai ana yanka ƙullin ya wuce awo, ko kuma wani buhun bai isa wurin kwaɓi ba. Kada kuma ka jibge fulawar wata biyu sai da dalili, domin jarinka ka ɗaure, ga danshi da ƙwari suna jira.

Rukunin B ƙirgar mako-mako ta ishe shi.

Inda mutane suke kuskure shi ne su ɗauka tsadar abu ce take sa shi a A. Wani ƙarfen injin kwaɓi na 300,000 da ake canzawa sau ɗaya a shekara, idan ka raba, 25,000 ne a wata. Bai ma kai gishiri ba.

Sai dai tsarin yana da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Kuɗi kawai yake aunawa, ba ya auna abin da zai tsayar da aiki. Yis yana cikin C, amma idan ya ƙare da tsakar dare, buhunan fulawarka 200 ba za su zama burodi ba, masu shayi kuma da asuba za su nemi wani gidan. Don haka sassauci a kan C yana nufin ka daina ɓata lokacin ƙirga shi kullum, ka saye shi da ɗan yawa tunda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ka ajiye katan biyu: ana buɗe na biyu, a aika a sayo wani. Ka dai riƙa duba ranar lalacewar yis ɗin, ka ajiye shi wuri mai sanyi.

Idan kana da littafin shekara guda, yi lissafin da shi, domin wata ɗaya yana iya yaudararka, musamman lokacin azumi da salla da ciniki yake sauyawa. Kuma duk lokacin da farashi ya yi tsalle ka sake jerawa. Wanda ya bar itace ya koma gas ko dizal zai iya tarar da makamashi ya haura daga B ya shiga A, daga ranar kuma sai a fara auna tankin ana rubutawa kamar yadda ake ƙirga buhu.