Hutunka ya ƙare, ka yi shiru ka kashe waya?

Yau a ofis na ga abin da ya tsaya mini a rai wallahi. Wani abokin aikinmu, mutumin kirki mai sallah, an miƙa masa kweri wai ya bayyana inda ya shiga kwana 5 ba izini, kuma fa rasuwa aka yi masa, babansa ne ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Ya ɗauki kajuwal, wato gajeren hutun uzuri, na kwana 5, Litinin zuwa Juma'a, ya tafi Azare jinya, ran Asabar rai ya yi halinsa, shi ne babba a gidan dole ya zauna karɓar gaisuwa har sadakar bakwai. Waye zai ga laifinsa? Amma bai kira oga ba, bai tura ko tes ba, cewa ya yi ai kowa ya ji. Ɗan'uwa fayil ba ya jin labari, abin da aka rubuta kawai ya sani, kuma a dokar aikin gwamnati rashin zuwa ba izini yana cikin manyan laifuka da kan iya kai mutum ga kora.

Ni ma da laifina, na ji rasuwar na kira na yi ta'aziyya amma ban ce masa ya nemi ƙari ba. Astagfirullah.

Da ran Lahadi ya kira oga, ya bi da saƙo a rubuce ko a wasaf ne: ranka ya daɗe hutuna ya ƙare Juma'a, mahaifina ya rasu jiya, ina roƙon ƙarin kwana 5, zan dawo Litinin ta sama, wane yana riƙe da aikina. Shi ke nan fa. Kajuwal kwana 7 ne a shekara, saura 2 gare shi, sai ya roƙa a cire 3 daga hutun shekara, in ya dawo ya kai takarda ta hannun oga zuwa admin. Kuma tura saƙo ba izini ba ne, sai an ce an amince, in ka ji shiru ka sake kira.

Haka mai umara da aka ɗaga jirginsa a Jidda, ɗauki hoton saƙon kamfanin jirgin ka tura a take, kar ka bari sai ka sauka Kano.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai cewa "don Allah sa mini hannu a rajista". Kana zaman makoki kana roƙa wa mamaci rahama, kana kuma sa wani ya yi ƙarya dominka? Albashin kwanakin nan da shi za ka yi sadakar? Ranar dawowar da ka rubuta a fom ɗin hutu alkawari ce ka ɗauka. Haba bayin Allah.

Don Allah in kana kan hanya yanzu ka ga ranar ba za ta yiwu ba, ɗauki wayar ka kira tun yau. Tun yau don Allah.