Kai da ke turawa, wa ya aike ka?

Matasa, ƙannena da sa'o'ina, abin da na gani a makon nan ya ɓata mini rai. Wani guntun bidiyo ne na wani ɗan takara ya shigo wayoyi, an yanke farkonsa, an yanke ƙarshensa, an bar jimla ɗaya tak da ke nuna kamar yana zagin talakawa. Kafin rana ta faɗi kowa ya tura wa kowa. Da na tambayi wani daga cikin masu turawar ko ya saurari cikakken jawabin, sai ya ce, "Ni dai yadda aka turo mini haka na tura." Wannan kalma ita ce ta fi ƙona mini rai. Yadda aka turo maka? To kai ba ka da kai ne? Ya zo a hadisi cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, amma yau mun mayar da wannan ɗabi'a abin tinƙaho, har ana gasar wanda zai riga wani.

Ko da a ce bidiyon nan gaskiya ne tsantsa, an riga an ci ku da yaƙi. Mako guda cur ba a yi maganar aikin yi ba, ba a yi ta makarantu ko asibitoci ba, ba wanda ya tambayi yadda aka kashe kasafin bara. Kowa na kan jimla ɗaya da wani ya zaɓa muku. Masana sun daɗe da gano wannan. A zaɓen Amurka na 1968, Maxwell McCombs da Donald Shaw sun tambayi masu zaɓe 100 a garin Chapel Hill, waɗanda ba su riga sun tsai da wanda za su zaɓa ba, wace matsala ce ta fi damunsu. Da suka jera amsoshin, sai suka tarar sun bi kusan sahu ɗaya da batutuwan da jaridu da talabijin suka fi yawan kawowa. Kafar labarai ba sai ta ce maka zaɓi wane ba. Ya ishe ta ta cika maka kunne da batu ɗaya, kai kuma da wannan batun za ka auna 'yan takara ranar jefa ƙuri'a. A da editoci ne ke riƙe da wannan linzami. Yau kai ne ke taya su, kyauta, da babban yatsanka.

Ku dubi abin da ya faru a Birtaniya a 2016, lokacin ƙuri'ar raba-gardama kan ficewa daga Tarayyar Turai. Masu son ficewa sun rubuta a jikin wata jar motar safa cewa ƙasar na aika wa Tarayyar fam miliyan 350 duk mako, gara a zuba kuɗin a hukumar lafiya ta ƙasa. Adadin ba daga sama aka tsinto shi ba, kuma nan ne dabarar take. Jimillar kason Birtaniya ne a kan takarda, kafin a cire rangwamen da ƙasar ke samu tun zamanin firaminista Margaret Thatcher. Shi kuwa rangwamen tun kafin kuɗin su fita ake zare shi, don haka abin da ake aikawa bai wuce kusan miliyan 250 ba. Daga ciki ma wani kaso na komawa gida a matsayin tallafin manoma da na yankunan da ke baya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta fito fili ta ce adadin na ɓatar da mutane. Motar ba ta daina yawo ba.

To ku lura da yadda tarkon ya kama har da masu ƙaryatawa. Duk wanda ya tashi ya ce ba 350 ba ne, 250 ne, ya riga ya yarda cewa zancen da ake yi shi ne nawa ake aikawa waje. Ba a maganar abin da ƙasar ke samu ta fuskar ciniki, ana ta jayayya kan girman asara. Sannan an ɗora adadin a gefen asibiti, ta yadda mai karatu ba lissafi zai gani ba, mahaifiyarsa zai gani a layin ganin likita. Ranar 23 ga Yuni aka kaɗa ƙuri'a, masu son ficewa suka samu kusan kashi 52 cikin 100. Ba na cewa mota ɗaya ce ta yanke hukunci, dalilai suna da yawa. Amma duk wanda ya ɗauki hoton motar ya yaɗa, ko don yabo ko don zagi, talla ya yi mata.

Shi ya sa nake jin takaici idan wani ya ce, "Ai na tura ne don a tantance." Wa zai tantance? Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Tun 1977 masu nazarin halayyar ɗan Adam suka nuna cewa maimaita magana kawai na sa mutum ya ƙara jin kamar gaskiya ce. Kuma wani babban bincike da aka buga a 2018 kan labarai kusan 126,000 a Twitter ya gano cewa gaskiya kan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Masu binciken sun ce mutane ne suka fi hura wutar, ba na'urori ba. Muna cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ne, amma in sai bayan zaɓe aka kai ƙarshen ramin, ƙuri'arka ta riga ta shige akwati, kuma da-na-sani ƙeya ce.

Kada kuma ku ce gani ya kori ji. A 2019 an ɗauki bidiyon Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, aka rage saurinsa zuwa kusan kashi 75 cikin 100 don muryarta ta yi kama da ta wadda ta sha ta bugu. Miliyoyi suka kalla. Ba a ƙara kalma ko ɗaya ba. Idonka ma ana iya yi masa wayo. Idan ka ga bidiyo ya fara daga tsakiyar jimla, ko ba kwanan wata, ko ya sa jininka ya tafasa nan take, ka dakata ka nemi cikakkensa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ita ce gaggawarku.

Ban ma taɓo masu karɓar ɗan abin sayen kati su kwana suna zagin sa'annin iyayensu ba, ko masu karanta kanun labari su tsallake cikinsa su faɗa sharhi. Haba! Yaro da digirinsa, amma sakin layi uku ya fi ƙarfin haƙurinsa.

Mun taso mun ga manya da in ka kawo musu labari, tambayar farko ita ce, "Daga bakin wa ka ji?" In ka kasa amsawa, kunya ce za ta rufe ka, ba za ka sake ba. Mutum kan saurari tasha biyu ko uku kafin ya buɗe baki a kan maganar siyasa, kuma wanda aka kama da yaɗa ji-ta-ji-ta sai ya daɗe yana sunkuyar da kai. Su ba su da rabin kafofin da ke aljihunku, amma suna jin nauyin sunansu. Yanzu a ƙaryata mutum da safe, da yamma ya sake turo wani, ko goge na farkon bai yi ba, kuma ba wanda zai ce masa don me.