Ɗumamen miyar nama: yadda Mama ke yi a Kano da abin da na tarar a Gilasgo

Ni fa har na bar gida ban taɓa jin an ce miya tana da awannin da za ta yi a ajiye ba. A gidanmu a Kano dokar ɗaya ce, bayan isha'i Mama ta mayar da tukunya kan kurfoti ta tafasa ta sosai, ta rufe, ta ce duk wanda ya kuskura ya sa mata cokali a ciki ita da shi, da asuba kuma a sake tafasawa kafin a ci da ɗumamen tuwo. Firij akwai shi amma ga yadda wuta take, ya fi kama da kabad ɗin ajiye kwanuka. Haka muka tashi kuma ga mu da ranmu, shi ya sa da na zo birnin Gilasgo da ke Sikotlan na fara aiki a gidan kula da tsofaffi aka tura mu kwas ɗin tsaftar abinci, malamar tana cewa abinci kar ya wuce awa 2 a waje ni ina dariya a raina ina cewa Turawa dai da tsoro.

Abin da ya sauya min tunani a kicin ɗina ya faru, ba a aji ba.

Wata Asabar cikin hunturu na yi miyar dage-dage da naman rago wajen kilo 3 a babbar tukunyata, wadda nake yin abincin baƙi da ita. Na sauke ƙarfe 9 na dare. Na gaji liƙis, ga aikin safe yana jirana, sai na rufe na bar ta kan kuka na ce ai garin nan sanyi ne kamar cikin firij. Na manta sanyin a waje yake, cikin gida hita tana aiki, kicin ɗin bai gaza digiri 20 ba. Washegari wajen ƙarfe 1 na rana Baban Ummi ya ɗiba a kwano, ya sa a maikirowef minti ɗaya da rabi, ya ce gefe ya yi zafi tsakiya dai ɗumi-ɗumi, ya ci da shinkafa abinsa. Awa 16 ke nan miyar tana zaune. Ni da na dawo da yamma na ɗora tukunyar a wuta don sabo, ta tafasa ta yi ta ɓararraka ina juyawa, sannan na ci. Wajen ƙarfe 11 na dare shi ciki ya fara murɗa masa, ya kwana yana zarya banɗaki, ba amai ba zazzaɓi, gudawa kawai da ciwon mara, ni kuwa ko gezau. Miya ɗaya muka ci, kuma wallahi ba ta yi tsami ba, ba ta yi kumfa ba, ƙamshinta lafiya lau.

Ba mu je an yi gwaji ba, amma yadda abin ya zo ya yi daidai da ƙwayar cutar da aka koya mana a kwas, kulostiridiyam fafirinjens, wadda ta fi son miyar nama da romo da duk abin da aka dafa da yawa a babbar tukunya. Wayonta shi ne tana shiga wani ƙoƙo mai tauri kamar iri, dahuwa ba ta kashe wannan irin, awa nawa ma za ki yi kina dafawa yana nan. Da miya ta fara hucewa ta sauko ƙasa da digiri 60 sai irin ya farka ya fara hayayyafa, a wajen digiri 43 zuwa 47 kuwa yawanta yana iya ninkawa cikin minti 10 ko ƙasa da haka. Kuma ba ta son iska, ƙasan tukunya mai kauri da mai ya rufe samanta shi ne gidanta. To babbar tukunya a rufe tana ɗaukar awanni kafin ta huce, ke nan tsakiyarta ya daɗe a daidai ɗumin da ƙwayar ke so. Alamun suna fitowa tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan an ci, shi ya sa sau da yawa mutum ya ɗora wa abincin da ya ci daga baya laifi. Ga babba mai lafiya yawanci kwana ɗaya ne ya wuce, amma tsoho da ƙaramin yaro da mai juna biyu ba abin wasa ba ne a kansu.

A nan ne na ga hikimar Mama. Ƙwayar da ta farka tana mutuwa idan an tafasa da gaske, shi ya sa ni na tsira shi bai tsira ba. Ɗumamen gida na gaskiya tafasawa ne, a kan wuta, a juya da ludayi har ƙasa. Mu da muka zo nan muka samu maikirowef sai muka ɗauki ɗumame a ma'anarsa ta ɗumi kawai, muka bar tafasar gida kuma ba mu ɗauki agogon Turawa ba, muka zauna a tsakiya ba tsuntsu ba tarko. A ganina mu 'yan waje mun fi na gida ganganci a wannan fannin.

Amma kar a ce na ce tafasa tana wanke komai, ba haka ba ne. Akwai wata ƙwayar, sitafilokokas, da ke zama a hanci da fatar mutane lafiyayyu, idan ta shiga dafaffen abinci ta hannu ko cokalin da aka lasa ta samu awanni, tana zuba guba a ciki, kuma wannan gubar zafi ba ya lalata ta. Ki tafasa minti 20 ma tana nan, ƙwayar ta mutu gubar ta rage. Ita amai take sawa kuma da wuri, daga rabin awa zuwa awa 8. Kin ga dalilin faɗan Mama kan sa cokali ke nan ko da ba ta san sunan abin ba. Yaron da ya lallaɓa da dare ya tsamo tsoka ɗaya da yatsa, shi ne ya ɓata lissafin gaba ɗaya. Shinkafar da ta kwana a waje ma tana da irin tata ƙwayar mai gubar da ba ta jin wuta, amma wannan zancen wata rana ne.

To awa nawa? Ƙa'idar da ake bi nan ita ce miya ta shiga firij cikin awa 1 zuwa 2 da saukewa. Amurkawa ma awa 2 suke cewa, amma sun ƙara da cewa idan zafin wurin ya haura digiri 32 to awa 1 ne. Ku tuna Kano a watan Afrilu, digiri 40 a inuwa, kicin kuma ya fi haka. Wato abin da muke kira ajiye miya a ɗaki a gida daidai yake da ajiye ta a zafin da ƙwayar ta fi so. Kuma lissafin tarawa ake yi, idan ta yi awa 1 a tebur lokacin cin abinci ta ƙara awa 1 kafin a tuna da ita, an cinye awa 2 ɗin. Kular abinci ma da muke yarda da ita a biki da suna tana riƙe zafi na ɗan lokaci ne, abincin da aka zuba ƙarfe 11 aka buɗe bayan la'asar ya daɗe da saukowa ƙasa da digiri 63 da ake so abinci mai jira ya tsaya a kai.

Yanzu yadda nake yi. Ina saukewa nake cire murfi, in toshe kwamin wanke-wanke, in tara ruwan sanyi in tsoma gindin tukunyar ina juyawa, ruwan ya yi ɗumi in canza. Cikin rabin awa ta sauko. Sai in rarraba a robobi masu faɗi, zurfin miyar kar ya wuce kamar tsawon ɗan yatsa, kowace roba iya cin lokaci ɗaya. Kar ki cusa tukunya guda cikin firij ki ce kin gama, gefe zai yi sanyi tsakiya yana nan da ɗuminsa har safe. Firij ɗin kuma ya kasance digiri 5 ko ƙasa. Abin da za mu ci cikin kwana 2 shi nake bari a firij, haka hukumar abinci ta nan ta ce, Amurka sun ce kwana 3 zuwa 4, sauran duk firiza.

Wajen ɗumamawa iya wanda za a ci nake ɗiba, sau ɗaya, abin da ya rage a kwano ba ya komawa. In zuba a ƙaramar tukunya in ɗan ƙara ruwa don kar ta kama, in ta fara tafasa ba na saukewa, saboda romo yana riga nama zafi, kumfar gefe tana yaudara. Ina barinta tana tafasa ina juyawa wasu mintuna, sannan in ɗauko tsoka mafi girma in tsaga in ga tururi yana fita daga cikinta. Mai ma'aunin zafi na abinci ya soka a tsakiyar naman, digiri 75 ake nema. Nan Sikotlan ma dokar masu sayar da abinci ta fi tsauri, digiri 82 ne ga abin da aka sake ɗumamawa, a wurin aikinmu sai an auna an rubuta a littafi. Idan dole sai maikirowef, a rufe kwanon, a tsaya a tsakiya a juya, in ya gama a bar shi minti 1 ko 2 zafin ya ratsa.

Ga na gida da ba wuta, ba zan zauna nan da firij ɗina in ce a zubar da miyar nama a wannan tsadar ba, sai a ce na manta inda na fito. Tafasar dare da asuba tana rage haɗarin, ba ta kai firij ba. Abin da na roƙi ƙannena shi ne a dafa iya na yini lokacin zafi, naman a soya shi daban ya bushe kamar na Sallah a riƙa sawa kaɗan-kaɗan, a ɗiba da ludayi mai tsabta, kuma kar kowa ya ɗanɗana da safe kafin ta tafasa, musamman yara da Hajiya Kaka. Wadda kuwa aka manta ba a tafasa da dare ba ta kwana a buɗe bayan hannaye sun shiga, wannan kam a haƙura da ita ko hanci ya ce lafiya take.

Na ba Mama labarin Baban Ummi a waya, ta yi shiru ta ce, yanzu ke Hadiza miya ta kwana ba ki tafasa ba, kuma ya ci? Na ce Mama ai ya sa a maikirowef. Ta ce wannan akwatin da ko ƙauri ba ya yi, ki ba shi waya in yi masa sannu.