Ga Mai Cewa Kibiya Ɓata Takarda Ce

Akwai wani a cikin masu zanen sitoribod, wato jerin akwatunan zane da ke nuna yadda za a ɗauki fim, a nan Legas da yake zagayawa wajen furodusoshi yana cewa aikin wasunmu ya cika kibiyoyi da taswira. Ba zan kira suna ba, amma zanensa na fitowar da aka bi ɓarawon waya a guje a kasuwar Agege ya zo hannuna, kuma shi ya fi kowa sanin abin da ya faru a akwati na huɗu.

A akwatuna ukun farko ɓarawon yana gudu daga hagu zuwa dama, mai shagon da ke bin sa ma haka, don haka mai kallo ya san wanda ke gaba da wanda ke baya. A na huɗu sai mai zanen ya tsallakar da kyamara zuwa ɗaya gefen titi, saboda kawai jerin motocin danfo ya fi kyau daga can. Nan take mai shagon ya koma gudu daga dama zuwa hagu, alhali ɓarawon a sauran akwatunan bai canza ba, har abin ya zama kamar mutum biyu ne za su yi karo.

Hanyar da masu gudun suka bi ita ce layin da ake zanawa a taswira kafin a taɓa akwati ko ɗaya, kuma kyamara tana zama a gefe guda na wannan layi, cikin digiri 180. Wanda ya fita ta gefen dama na allo dole ya shigo ta hagu a akwati na gaba, kuma idan ɓarawon ya waiwaya, hagu zai duba, domin can mai bin sa yake. Ba a hana tsallaka layin ba, amma sai an nuna wa mai kallo: ko dai a ga ɓarawon ya sha kwana a cikin akwati guda, ko a sa akwati ɗaya a tsakani inda yake tunkaro kyamara kai tsaye, ba hagu ba dama. Wannan akwati guda da ya ƙi zanawa shi ne duk abin da fitowar take buƙata.

Na ji yana cewa edita zai juya hoton ya gyara. To, a juya, sai rubutun allunan shaguna ya koma baibai, sitiyarin danfo ya koma dama a ƙasar da tun 1972 take tuƙi a hannun dama, sitiyari kuwa a hagu. Abin da ya rage shi ne a sake kwasar ma'aikata zuwa Agege, a sake roƙon 'yan kasuwa su ba da wuri, kuma furodusan da aka gaya wa kibiya ɓata takarda ce shi zai biya kuɗin wannan yini.