Tela ne ni, ba aljani ba

Shagona yana Jekadafari a cikin garin Gombe, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shagon ya san bakina ba ya hutawa. Mutum zai shigo ya ce, "Malam, yaushe kayana za su fito?" in ce masa, "Jiya." Ya yi dariya, in yi, mu sa rana. Shekara da shekaru gatse yana ci da ni, ban taɓa ganin ya kori kowa ba.

Ana saura kwana goma a ɗauki azumi yaron shagona ya ce wai duk telolin zamani suna rubuta wani abu a About na WhatsApp, ni kuwa har yau nawa "Hey there! I am using WhatsApp." ne. A lokacin gurbin harafi 139 yake ɗauka, bai kai 150 na Instagram ko 160 na X ba, don haka babu wurin dogon zance. Na karɓi wayar na buga: "Tela ne ni, ba aljani ba. In kana gaggawa ga kasuwa can, je ka sayi na kanti. Kada ka dame ni da waya." Na karanta wa 'yan benci da irin muryar da nake tsokana da ita, ina ɗaga gira. Har da mai buga cinya. Na ce shi ke nan, na gama talla.

Kwana uku wayata ta yi tsit kamar an yi mata sammu. Masu aiko hoton shadda suna tambayar kuɗin ɗinki suka ragu. Wata Hajiya da ke kawo mini kayan 'ya'yanta maza huɗu duk shekara na gaishe ta, alamar nan biyu ta koma shuɗiya, ba amsa. Sai bayan la'asar ta rubuto, "To, madalla." Wanda ya san Hausa ya san "to madalla" da ta zo ita kaɗai, babu "ya aiki" babu "ya iyali", sallama ce.

Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ƙara wa Borno dawaki. Akwai wani Alhaji Babarbare, mai shagon yadi, da aka ba ni lambarsa don yana neman wanda zai ɗinka masa manyan riguna uku. Ni kuwa Bafulatani ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Na ce bari in buɗe da raha. Saƙona na farko gare shi, ko sallama babu: "Bawana, an ce kana neman ubangidanka ya rufa maka asiri da riga." Abin da ban lissafa ba, Alhaji ba shi da lambata. Baƙuwar lamba ya gani tana kiransa bawa. Ya taɓa hoton don ya ga wane ne, ya tarar da keken ɗinki, a ƙasa kuma an rubuta kada ya dame ni da waya.

Bai dame ni da waya ba. Da ƙafarsa ya zo.

Na zube na ce, "Ranka ya daɗe, Baba Alhaji, wasan Fulani da Barebari ne." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To a ina aka rubuta kai Bafulatani ne? A goshin keken?" Sai da na ambaci sunan mahaifina da unguwarmu sannan ya saki fuska, ya ce ai da ya sani da tuni ya tambaye ni shanu nawa na ɓatar kafin in koma zare da allura. Ashe wasan yana nan daram. Izininsa ne bai isa gare shi ba, don barkwanci sai kowane ɓangare ya san matsayin ɗan'uwansa kafin a fara jifa.

Da dare na kai ƙara wurin uwargida, ina cewa mutanen yanzu ba su san wasa ba. Ta ce, "Malam, ba ni wayar." Ta gyara zama ta karanta rubutun nawa da murya shimfiɗaɗɗiya, irin ta mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo, ba murmushi ba ɗaga gira. Wallahi ni da na rubuta sai da na ji kamar in tashi in bar mata ɗakin. Gatse faɗin abu ne kana nufin kishiyarsa, kuma murya da fuska ne ke gaya wa mai sauraro ya juya maganar. A rubuce duka biyun sun zauna a shago, kalmomin suka tafi su kaɗai. Ta sa yatsa a kan "je ka sayi" da "kada ka dame ni" ta ce, "Ka ga nan? Umarni biyu ka ba mutumin da ko gaisawa ba ku yi ba. Kuma wa ake yi wa dariyar? Shi mai karantawar." Ta ƙara da abin da ya fi ci mini rai don gaskiya ne: maganar benci ana yinta ta wuce, wannan kuwa tana manne dare da rana, har mutumin da kayansa suka yi mako biyu a hannuna zai buɗe ya karanta yana cikin fushi.

Na ce to a sa fuskar nan mai dariya da hawaye a ƙarshe. Ta ce sai dai a ce ya kore mu kuma yana yi mana dariya.

Washegari na juya bakin bindigar kaina, tunda an ce mai karatu ba abin harbi ba ne. Na rubuta: "Telan da bai taɓa cika alkawari ba." Wannan kam ba wanda ya ji haushi. Yarda suka yi. Kafin azahar mutum biyu sun aiko a karɓar musu yadinsu. Zolayar kai tana aiki ne in ƙaryar ta yi girman da ba mai ɗaukarta da gaske, ko kuma ta taɓa abin da ba shi ake biyanka kuɗi dominsa ba. Tela da saɓa alkawari kuwa, a watan azumi, ai ba almara ba ce. Da na ce ni ne telan da tsawonsa bai kai tebur ɗin yanka ba, da an yi dariya an wuce.

Na uku sai da muka zauna da ita muka auna shi kamar wuyan riga. Abin da baƙo yake nema ya fara zuwa, wato me nake yi, a ina, har zuwa yaushe. Raha ta zo a ƙarshe, jimla ɗaya, a kaina, babu umarni a cikinta: "Ɗinkin maza, Jekadafari, Gombe. Ina karɓar aiki har 10 ga azumi. Ni ne telan da ya yi Idi da rigar bara saboda taku ta fito." Ta karanta da muryar sanarwar rasuwar, bai yi ciwo ba. Muka tura wa yayata da ke Bauchi, wadda ba ta da labarin abin da ya faru, aka ce ta faɗi abin da ta fahimta. Ta ce ta fahimci ina da aiki da yawa kuma ina bukatar sabuwar riga.

Hajiya ta dawo da kayan yaranta a rana ta shida ga azumi, ba ta ce komai a kan maganar ba, ni ma ban tayar ba. Alhaji kuwa ya kawo shaddarsa, riguna uku. Yanzu kullum da asuba, bayan sahur, saƙonsa ne ke fara shigowa: "Bawana, ina riguna?" Na rubuta "Jiya", na tsaya na dube shi, na goge, na rubuta "Ranar Laraba in sha Allah, ranka ya daɗe." Ya amsa da cewa shi bai san Fulani sun iya ladabi ba.