Sikeli Bai Motsa Ba, Sai Ka Ajiye Takalmi?

Jiya da yamma na iske ƙanena kwance a zaure a lokacin da ya saba fita motsa jiki. Na ce lafiya? Ya ce, "Yaya, na haƙura. Sati shida ina gudu ina ɗaga ƙarfe, sikeli na nan a kilo 84." Yana faɗa yana jan wandonsa sama, don ya yi masa yawa a ƙugu. Na aiki yaro ya aro tef ɗin awo wajen tela muka auna: inci 36, alhali ɗinkinsa na sallah 38 aka yanka.

Wannan ɗabi'a ce ke ƙona mini rai, matasa. Ku hau sikeli da safe, ku hau da dare, in bai sauka ba ku watsar da komai. Sikeli bai san kitse ba, bai san tsoka ba. Da ƙashi da ruwa da tuwon da ke cikinka, duk haɗawa yake ya ba ka lamba ɗaya, shi ya sa nauyi kan yi wasa da kilo ɗaya zuwa biyu a yini guda.

Ruwa ba ya tsami banza. Tsokar da ta fara aiki tana ƙara tara makamashi, kuma kowane giram na makamashin nan yana riƙe ruwa kusan giram 3. A ƙaddara ƙanena ya zubar da kitse kilo 2, ya ƙara tsoka kilo 1, ya riƙe ruwa kilo 1. Sikeli zai ce ba a yi komai ba! Amma tsoka a dunƙule take: lita ɗaya ta tsoka ta ɗan haura kilo ɗaya, ta kitse kuwa giram 900 ce. Ƙugu ya ragu, nauyi na nan.

Kada kuma wani ya fake da wannan. Tsoka ba ta tohowa kamar ciyawar damina. Sabon shiga ma da wuya ya wuce kilo ɗaya a wata, mata kuma ƙasa da haka. In wata biyu sun wuce sikeli bai motsa ba, ƙugu ma bai motsa ba, to a duba kwano. Tafiyar sauri ta rabin awa kusan kalori 150 take ƙonawa, gorar lemo mai zaƙi ɗaya ta mayar da ita har da riba.

Abin takaici, daga sikelin sai ku faɗa hannun masu shayin rage teɓa, ku kwana kuna zaryar bayi, ruwan jiki ya tsiyaye, ku ce an rage ƙiba. Wasu kuma hoto kawai ke kai su wurin motsa jikin.

Sannu ba ta hana zuwa. Ku ba jikin nan lokaci, ku rage hawa sikelin nan. Iyayenmu sun yi daka, sun ja guga, sun taka zuwa gona tun asuba, ba wanda ya san kilonsa a cikinsu. Mahaifinmu da ya yi huɗa ya bar gona sai kaka, bai taɓa tone iri bayan sati ɗaya don ya ga ko ya tsiro ba. Yau ɗansa ne kwance a zaure saboda lamba 84.